Jiki, Rufi, Tagogi: Yadda Ake Siffanta wa Na'ura Gini Ta Zana Shi Daidai

Wata ƙungiyar unguwa a Zariya ta yi niyyar gina ɗakin karatu mai bene ɗaya, aka ba ni aikin zanen. Na gama fulan, na fitar da awo, na kai musu. Shugaban kwamitin, dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, ya daɗe yana juya takardun, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, aikinka ya yi kyau, amma mu waɗannan layukan ba sa yi mana magana. Nuna mana yadda ginin zai tsaya idan mutum ya taho daga bakin titi." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa jibi."

Abin da dattijon ya nema shi ne hoton da masu zanen gini ke kira tiri-di, wato hoton gini daga waje kamar an riga an gina shi an ɗauka da kyamara. A da, irin wannan hoto sai an gina siffar ginin a manhaja kamar SketchUp ko Revit, a saka masa fenti da haske, a bar kwamfuta ta yi ta lissafi. Daga shekarar 2022, lokacin da Midjourney da Stable Diffusion suka shigo hannun jama'a, aka samu wata hanyar: ka rubuta bayanin ginin da kalmomi, na'ura ta fitar da hoto cikin ƙasa da minti guda. Saurin gaskiya ne, sai dai yawancin masu gwadawa hoton wani gini suke samu, ba nasu ba. Laifin kuwa yakan kasance a rubutun.

Na'urar ba ta riƙe da tef ɗin awo

Waɗannan manhajoji an horar da su ne da ɗimbin hotuna da aka kwaso daga intanet, kowane hoto da ɗan bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Tarin LAION-5B, wanda daga cikinsa aka ɗebi abin da aka horar da Stable Diffusion na farko, ya ƙunshi hotuna sama da biliyan 5, kuma kaso mafi girma na bayanansu da Turanci yake. Abu biyu ne suka biyo bayan haka. Na farko, umarnin ya fi kamawa idan an rubuta shi da Turanci, shi ya sa misalan da ke nan za su zo yadda ake buga su a allo. Na biyu, na'urar ba ta san bango yana ɗaukar nauyi ba, ba ta san mita ba. Abin da ta sani shi ne wace kalma ce ke yawan tafiya da wace irin siffa. Duk gurbin da ka bari, za ta cike shi da abin da ta fi yawan gani.

Na ga wannan da idona a daren farko. Ga abin da na fara rubutawa:

```
beautiful modern Hausa library in Zaria, ultra realistic
```

Hotuna huɗu suka fito. Ɗaya gini ne na gilashi mai hawa shida. Biyu suna da ƙubba da adon tayil irin na Maroko. Na huɗu ginin ƙasa ne da itatuwa suka fiffito daga bangonsa, kamar babban masallacin Djenné na ƙasar Mali. Dukkansu sun yi kyau, amma babu wanda ya yi kama da fulan ɗin da ke gabana. Na'urar ba ta yi kuskure ba, domin ban gaya mata komai game da siffar ginin ba. Kalmar yabo kamar "kyakkyawa" ko "na zamani" ba ta da tsawo, ba ta da faɗi.

Hanyar da ta fisshe ni ita ce wadda idon mutum yake bi idan ya nufo gini daga nesa. Abin da ka fara gani shi ne gangar jikinsa. Ka ƙara matsowa, ka ga yadda kansa ya yanki sararin sama. Sai ka zo kusa sannan ka fara lura da tagogi. Haka ya kamata umarnin ya jeru: jiki, rufi, tagogi, sannan kayan gini da haske.

Gangar jiki

Ka ɗauka ka tsaya a bakin gari da almuru, rana ta faɗa bayan gidaje. Ba ka ganin fenti, ba ka ganin ƙofa, sai baƙar inuwar gine-gine. Duk da haka kana iya bambance masallaci da rumbu, da gidan sama da shago. Wannan inuwar ita ce gangar jikin gini, abin da akan rubuta wa na'ura da kalmar `massing`. Hasumiyar masallacin Agadez, mai tsawon kimanin mita 27, ana gane ta daga nesa saboda tana tsukewa yayin da take hawa, tun kafin a ga itatuwan da ke jikinta.

Tambaya huɗu mutum zai amsa a nan. Dunƙule nawa ne suka haɗu suka yi ginin? Wanne ne babba? Ina ƙaramin yake a jikin babban? Kuma yaya tsawonsa yake idan an gwada da faɗinsa?

Ɗakin karatun namu dunƙule biyu ne. Babban jikin yana da faɗin mita 20 ta fuska, hawa biyu ne, kowane hawa mita 3.3, da ɗan bango na santimita 90 a samansa, jimillar tsawo mita 7.5 ke nan. A gefen hagu akwai ɗakin matakala mai faɗin mita 4 da tsawon mita 10, ya turo gaba da mita ɗaya da rabi, kuma ba shi da taga ta fuska.

Da farko na zuba waɗannan alƙaluma kamar yadda suke, amma ba su yi tasiri ba. Mita 20 da mita 35 kusan duk ɗaya ne a wurin na'urar, tunda hotunan da ta koya da su ba kasafai ake rubuta awonsu ba. Abin da take kamawa shi ne kwatance. Idan ka raba 20 da 7.5 za ka samu kusan uku, don haka na rubuta cewa faɗin ginin ya ninka tsawonsa sau uku, na kuma haɗa da kalmomin da ke nuna dogo ne a kwance:

```
two-storey library, long low rectangular block,
three times wider than tall,
taller windowless stair tower projecting at left end
```

Kowace kalma a nan tana da aikinta. `Taller` ta faɗi dangantakar hasumiyar da babban jikin. `Projecting` ta hana ta shafewa ta zama bango ɗaya da shi. `At left end` ta hana na'urar kai ta tsakiya, domin idan aka bar ta, ta fi son gini mai dama da hagu iri ɗaya, kasancewar irinsa ne ya fi yawa a hotunan manyan gine-gine.

Akwai tarko a kalmar hawa. Mu idan muka ce bene ɗaya, muna nufin ƙasa da sama, wato hawa biyu a lissafin Turanci. Wanda ya rubuta `one-storey` yana nufin bene ɗaya, gidan ƙasa zai samu. Siffar hoton ma tana da hannu a cikin gangar jiki: idan ka nemi dogon gini a hoto mai kusurwa huɗu daidai, na'urar za ta matse shi ko ta ƙara masa hawa don ya cika wurin. A Midjourney ana gyara wannan da ƙara `--ar 16:9` a ƙarshen umarni, hoton ya fito a kwance.

Rufi

Rufi shi ne inda hoton ke saurin komawa wata ƙasa. Ka bar shi babu bayani, a ba ka jan tayil na Turai ko rufin katako mai tsini irin na ƙasashen ƙanƙara. Don haka dole a kira shi da sunansa, kuma sunayen ba su da yawa. Rufin kwano mai gangara biyu, wanda ke barin bango mai kusurwa uku a kowane gefe kamar na ajujuwan firamare, shi ne `gable roof`. Mai gangara huɗu, wanda ya cika sababbin unguwannin Kano da Kaduna, shi ne `hip roof`. Mai gangara ɗaya irin na shago ko rumfa, `mono-pitch roof`. Shimfiɗaɗɗe irin na soro ko na kankare, `flat roof`.

Suna kaɗai ba ya isa. Rufi mai gangara yana bukatar a faɗi tsananin gangararsa, ko mai kwanciya ne, `low-pitched`, ko mai miƙewa, `steep`. Sai a faɗi yadda bakinsa ya wuce bango, domin a nan ne inuwa take. Rufin da ya wuce bango da mita guda yana sauke inuwa mai kauri a saman tagogi, kuma a ƙasarmu mai zafi wannan inuwar rabin kyawun ginin ce. Ana neman ta da `deep overhanging eaves`.

Namu ginin rufinsa a ɓoye yake, a bayan ɗan bangon nan da maginan gargajiya ke kira rawani. Wanda ya tsaya a ƙasa ba zai ga rufin ba ko kaɗan, layin rawanin kawai zai gani. Kwamitin sun nemi a sa zankwaye a kusurwoyi da indararo na zubar da ruwa, don ginin ya yi kama da na garinsu. A nan na gamu da matsala ta biyu. Na rubuta `zanko`, na'urar ta yi kamar ba ta ji ba. Hotunan Gidan Makama na Kano ko na fadar Zazzau ba su da yawa a abin da ta koya, waɗanda ke akwai ma ba lallai ne an rubuta sunan zanko a ƙarƙashinsu ba. Abin da babu sunansa a wurinta sai a siffanta shi, kamar yadda za ka yi wa baƙon da bai taɓa zuwa ƙasar Hausa ba: ɗan tsini ne a kusurwar rawani.

```
flat roof hidden behind plain parapet,
small pointed corner pinnacles, projecting rain spouts
```

Kalmar `small` ta zama dole. Da na cire ta, zankwayen suka girma suka koma hasumiyoyin coci.

Wani abin da ya kamata a kiyaye shi ne hani. Da ƙubba ta yi ta fitowa, na rubuta `no dome` a cikin umarnin, sai ƙubbar ta ƙara yawa. Dalili shi ne na'urar ta ga kalmar ƙubba ta kama, ba ta ba wa "babu" nauyinta ba. Kamar ka ce wa yaro kada ya tuna da alewa ne. Maganin shi ne ka faɗi abin da kake so maimakon abin da ba ka so, in kuma dole ne a yi hanin, a kai shi wurinsa na musamman: a Midjourney a rubuta `--no dome` a ƙarshe, a Stable Diffusion a sa shi a akwatin `negative prompt`.

Kiɗan tagogi

Wanda ya saba jin kalangu ya san ba yawan bugu ne kiɗa ba, tazarar da ke tsakanin bugun ce. Tagogi ma haka suke a fuskar gini. Taga, bango, taga, bango, wannan kiɗa ɗaya ne. Taga biyu a manne, faffaɗan bango, taga biyu a manne, wani kiɗan ne dabam, ko da yawan tagogin ɗaya ne. Shi ya sa rubuta "tagogi goma" ba ya wadatarwa.

Ga kuma wata gaskiya: waɗannan manhajoji ba su iya ƙidaya sosai ba. Biyu, uku, huɗu sukan kama. Daga nan zuwa sama sai a yi ta samun tara a wurin goma, ko goma sha uku. Dabarar ita ce a rage lissafin ta hanyar faɗin tsarin. Fuskar gininmu an raba ta gida biyar daidai, kowane gida mita 4, abin da ake rubutawa da kalmar `bay`. A sama, kowane gida yana da tagogi biyu a jere, kowace faɗinta santimita 60, tsawonta mita 1.8, wato tsawon ya ninka faɗin sau uku. A ƙasa, kowane gida yana da baka guda ta baranda. Maimakon goma da biyar, lamba ɗaya kawai na ba na'urar, wato biyar, sauran kuma na faɗe su a matsayin abin da ke maimaituwa:

```
five equal bays, paired tall narrow recessed windows
above five arched openings
```

`Above` ita ce ke sa tagogin sama su zauna daidai kan bakunan ƙasa. `Recessed` tana nufin tagar ta nutse cikin bango. A zanenmu nutsewar santimita 30 ce, kuma ita ce ke ba kowace taga inuwarta. Idan babu ita, tagogin kan fito kamar an manna hoto a bango.

Akwai kuma yawan bango idan an gwada da buɗaɗɗen wuri. Bangon hawan sama murabba'in mita 66 ne, tagogin goma kuwa 10.8, kusan kashi ɗaya cikin shida. Ginin da bangonsa ya rinjayi tagoginsa haka yana da nauyi da nutsuwa irin na ginin ƙasa. Na'urar kuwa ta fi sabawa da hotunan gine-ginen zamani masu yalwar gilashi, don haka takan faɗaɗa tagogin da kanta. Idan na ga haka, nakan ƙara `mostly solid wall`, ta dawo hanya.

Inda mai kallo ya tsaya

Duk wannan aiki zai iya ɓacewa idan ba a faɗi inda mai kallo yake ba. Daga gaba sak, ba za a ga cewa ɗakin matakala ya turo ba. Daga sama kamar tsuntsu, rufin da muka ɓoye zai bayyana, na'urar ta cika shi da abin da ta ga dama. Dattijon ya riga ya faɗi wurin: mutumin da ya taho daga bakin titi. Wannan shi ne kallo daga tsayin ido, ta kusurwa, inda ake ganin fuska da ɗan gefe.

Haske ma haka. Fuskar ginin tana kallon kudu, don haka mai kallonta yamma tana hagunsa. Ranar la'asar za ta bugo daga hagu, hasumiyar ta jefa inuwarta kan gidan farko na fuskar, kowace taga ta samu duhunta a gefe guda. Rana tsaka ko hazon hunturu shafe wannan duka suke yi. Ga cikakken umarnin:

```
two-storey library, long low rectangular block, three times wider than tall,
taller windowless stair tower projecting at left end,
flat roof hidden behind plain parapet, small pointed corner pinnacles,
five equal bays, paired tall narrow recessed windows above five arched openings,
red-brown earth plaster, eye-level three-quarter view, low afternoon sun from left
```

Jerin yana da wani dalilin kuma. Tsofaffin samfuran Stable Diffusion suna karanta gutsattsarin kalmomi 77 ne kawai a lokaci guda, kuma abin da ya zo a farko ya fi samun nauyi. Sababbin manhajoji suna ɗaukar rubutu mai tsawo, amma har yanzu duk abin da ka ƙara yana rage wa na baya ƙarfi. Shi ya sa na cire indararo daga wannan zagayen: na fi bukatar gidaje biyar su fito daidai.

Duba hoto da idon magini

Hoton da ya fito ya yi kama da gininmu, amma kyau yana rufe ido, don haka sai na ajiye fulan a gefe na fara ƙirga. Hawa biyu ne? E. Hasumiya tana hagu? A hotuna uku cikin huɗu. Gidaje biyar? A ɗaya shida ne, a wani kuma gidan ƙarshe ya matse ya zama rabi. Na bi layin saman tagogi da ido don in ga ko sun jeru a tsayi ɗaya, na duba ko akwai tagar da ta faɗa kan ginshiƙi ko kan layin dakalin bene, inda ba za a iya huda bango ba. Na duba inuwa: idan ta hasumiya ta faɗi dama, ta bishiya ma dole ta faɗi dama.

Wurin gyara, abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda. Kowane hoto yana farawa ne daga wata lamba da ake kira `seed`. Idan ka riƙe lambar ka canza kalma ɗaya, za ka fi gane abin da kalmar ta yi. Idan ka canza biyar tare, ba za ka san wadda ta gyara da wadda ta ɓata ba.

Kalmomi suna da iyaka. Bayan zagaye da dama na samu gidaje biyar, amma faɗin hasumiyar bai taɓa zama daidai kashi ɗaya cikin biyar na babban jikin ba. A nan ake komawa ga zane. A shekarar 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford suka fitar da ControlNet, wanda ke ba mutum damar ɗora zanen layi ko hoton sassauƙar siffa, Stable Diffusion ta bi layukan. Na gina akwatuna biyu a SketchUp, na huda tagogin a wurarensu, na ɗauki hoton daga tsayin mita 1.6, na ɗora. Daga nan zane ya riƙe awo, rubutu kuma ya riƙe yaɓe da haske da yanayi. Rubutun bai zama banza ba, domin ba tare da shi ba na'urar tana iya ɗaukar rawanin a matsayin hawa na uku, ko bakunan baranda a matsayin ƙofofin gareji.

Ranar da na koma, na shimfiɗa hoton a kan tabarma tare da fulan. Na gaya musu a fili cewa hoton na gani ne, magini ba zai ɗauki awo daga jikinsa ba, fulan ne abin bi. Dattijon ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan bakunan baranda yana ƙirgawa a hankali har biyar, ya koma kan fulan ya ƙirga biyar. Sannan ya nuna hasumiyar ya ce, "Malam, wannan bangon babu taga ko ɗaya, yara za su hau bene cikin duhu ke nan?" Na nuna masa a fulan cewa tagar matakalar tana gefen arewa, inda rana ba ta cika dukanta ba. Ya gyaɗa kai, ya ce a ƙara wata siririya ta fuska don mai hawa ya riƙa hango titi. Kwana biyu da suka wuce takardun nan ba sa yi masa magana. Yanzu gyara yake yi wa ginin, kuma gyaran nasa ya shiga fulan.